Yadda Ake Gwada Kuɗin Taransifa da Littafin Ciniki a Kullum, a Fitar da Waɗanda Ba Su Haɗu Ba

Wata ranar Talata, bayan isha'i, na tattara cinikin taransifa na kantin kawuna da ke sayar da kayan masarufi a Kano. Littafin ciniki ya ba ni naira 220,950. Na buɗe manhajar asusun kantin, na tara duk abin da ya shigo a ranar, ya ba ni 219,050. Kawu ya leƙo ya ce, “Ɗana, dubu ɗaya da ɗari tara ce kawai, cajin kamfani ne, rufe littafin mu tafi.” Na ce, “Kawu, a yi mini haƙurin minti ashirin.” Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga layi bakwai da ba su da abokan haɗi, huɗu a littafi, uku a asusu, kuɗinsu gaba ɗaya naira 125,900. Giɓin da ke gefe guda ne ya kusa cike rarar da ke ɗaya gefen, shi ya sa jimillar ta yi kamar lafiya lau.

Saboda haka abin da zan nuna a nan shi ne bin layi-layi. Jimilla tana da amfaninta, amma sai a ƙarshe, wajen tabbatar da aikin. Zan yi amfani da lissafin wannan Talatar daga farko har ƙarshe, kuma hanyar ɗaya ce ko da OPay kake karɓar kuɗi, ko Moniepoint, ko PalmPay, ko wani asusun waya dabam.

Tun kafin dare: yadda za a rubuta littafin

Rabin wahalar dare daga rubutun rana take. Idan yaron kanti ya rubuta “Hajiya, 7,500” ya tsaya, babu gwanin da zai iya gano wace taransifa ce tata. Ka sa rula ka raba shafin littafin gida shida: lambar ciniki, lokaci, suna, adadin kuɗi, hanyar biya, da alamar taransifa. A gidan hanyar biya harafi ɗaya ya isa, H na kuɗi hannu, T na taransifa, K na kati, B na bashi.

Gidan suna shi ne wanda aka fi ɓatawa. Sunan da ake so shi ne na mai asusun da kuɗin ya fito daga ciki, wanda ya fito a alat, domin sau da yawa ba shi ne na mai sayen ba. Mace za ta sayi kaya mijinta ya turo daga ofis, ɗan aike zai karɓi kaya uban gidansa ya biya, wani kuma zai je wurin mai injin kati na bakin titi ya ba shi tsaba, shi ya turo da sunan sana'arsa. Idan sunayen biyu sun bambanta, a rubuta duka.

Alamar taransifa kuwa, kuɗin da ya taso daga wani banki zuwa wani yana bi ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, yana ɗauke da lamba mai tsawon 30 da ake gani a rasiti da sunan Session ID. Ba a bukatar kwafe ta duka. Farkonta lambar bankin mai turawa ce da kwanan wata da lokaci, don haka na mutane da yawa kan yi kama a rana ɗaya. Lambobi shida na ƙarshe za a rubuta. Idan da kati aka biya, takardar injin tana fitar da lambar shaida da ake kira RRN, mai lamba 12, a rubuta ƙarshenta, a kuma soke takardar a ƙusa ɗaya da sauran na ranar. Taransifar da aka yi tsakanin asusu biyu na kamfani ɗaya tana da tata lambar a rasiti, ita ma ƙarshenta ya isa.

Yanke rana, da tabbatar cewa bayanin asusu cikakke ne

Ka tsayar da lokacin da ranar kantinka take ƙarewa, kada ya riƙa sauyawa. Mu ƙarfe 8 na dare muke yankewa. Duk abin da ya shigo daga 8 na daren jiya zuwa 8 na daren yau shi ne na yau. A ja layi a littafi a daidai wannan lokaci, a rubuta balas ɗin asusu kusa da layin.

Sannan ka ɗauko bayanin daga cikin manhajar kanta, wurin tarihin shige da fice, ko ka sa ta turo maka sitetimen na ranar. Saƙon tes ba hujja ba ne, domin yakan makara, yakan ɓace, kuma ana ƙirƙirarsa. Hoton rasitin da mai saye ya nuna maka a wayarsa shi ma haka.

Kafin ka fara gwadawa, ka tabbatar babu layin da ya faɗi daga bayanin. Balas ɗin jiya, a ƙara abin da ya shigo, a debe abin da ya fita, dole ya ba da balas ɗin yanzu. A ranar da nake magana mun kwana da 85,000. Abin da ya shigo 219,050. Abin da ya fita 150,000 da muka tura wa dila, da naira 70 na caji. Ya rage 153,980, kuma shi ne abin da manhajar ta nuna. Da bai yi daidai ba, da na san ko na tsallake wani layi wajen kwafa, ko ban sauke bayanin har ƙarshe ba, kuma babu amfanin ci gaba sai na gyara wannan.

Layukan fita a ware su gefe, ba su shiga gwajin ciniki. Cikinsu akwai naira 50 ta harajin gwamnati da ake cirewa a kan taransifar da ta kai naira 10,000 zuwa sama, wadda kamfanonin asusun waya suka fara cirewa a Disambar 2024. Idan ta fito a bayaninka, a rubuta ta a gidan kashe-kashe.

Jerin biyu, gefe da gefe

Daga littafi ka tsamo masu T da K kaɗai. Kuɗi hannu da bashi suna da nasu lissafin. Ga na wannan rana, na cire sunaye:

L1, 8:50, 12,500, T
L2, 9:30, 4,800, T
L3, 10:15, 36,000, K
L4, 11:05, 7,500, T
L5, 11:40, 7,500, T
L6, 12:20, 54,000, T
L7, 1:10, 8,350, T
L8, 2:45, 21,000, T
L9, 3:30, 15,200, T
L10, 4:50, 9,000, T
L11, 6:10, 18,700, T
L12, 7:55, 26,400, T

Ga kuma abin da ya shigo asusu:

S1, 7:20, 16,000
S2, 8:51, 12,500
S3, 9:31, 4,800
S4, 10:16, 35,820
S5, 11:41, 7,500
S6, 12:22, 30,000
S7, 12:31, 24,000
S8, 1:11, 8,530
S9, 2:05, 40,000
S10, 3:31, 15,200
S11, 5:25, 6,000
S12, 6:12, 18,700

Layi goma sha biyu nan, goma sha biyu can. Wannan ma yana yaudarar mutum, ya ɗauka kowane yana da ɗan'uwansa.

Zagayen farko: waɗanda suka haɗu tsaf

Ka fara daga littafi, ka ɗauki L1, ka nemi abokinsa a asusu. Ana cewa sun haɗu tsaf idan adadin ɗaya ne, kuma alamar taransifar ta yi daidai, ko aƙalla suna da lokaci sun yi daidai. Adadi kaɗai bai isa ba. Idan ka same shi, ka rubuta lambar kowane a gefen ɗan'uwansa, S2 a gefen L1, L1 a gefen S2. Alamar maki kawai ba ta wadatar, domin ita ce take sa a ci taransifa ɗaya sau biyu. Layin asusu da aka riga aka ba wani ciniki ya fita daga wasa.

A nan L1 ya tafi da S2, L2 da S3, L9 da S10, L11 da S12. Sai batun 7,500, wanda ya fito sau biyu a littafi, sau ɗaya a asusu. Mai gaggawa zai ba L4 tunda shi ya fara zuwa. Amma S5 ta shigo 11:41, minti ɗaya bayan L5, kuma sunan da ke kanta na mai L5 ne. Don haka L5 ya samu, L4 ya zauna jira. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin gobe wani takamaiman mutum za ka tambaya ina kuɗinsa, kuma tambayar wanda ya biya tana ɓata hulɗar shekaru.

Biyar sun fita. Saura bakwai a kowane gefe.

Zagaye na biyu: waɗanda suka haɗu da ɗan bambanci

Yanzu ka bar neman adadi, ka bi lokaci da suna. Ka ɗauki kowane layin littafi da ya rage, ka duba abin da ya shigo cikin minti goma ko goma sha biyar kusa da shi.

L3 na kati ne, 36,000, da ƙarfe 10:15. Minti ɗaya bayansa 35,820 ta shigo, RRN kuma ta yi daidai da takardar da ke ƙusa. Giɓin naira 180 ne, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari na 36,000, cajin da ake cire mana a biyan kati kafin kuɗin ya sauka. Kowane kamfani da tsarinsa: wani ya cire kafin ya zuba, wani ya zuba duka sannan ya fitar da cajin a layi dabam, wani kuma yana da iyakar da caji ba ya wucewa. Ka san naka, ka lissafa shi da kanka. Idan giɓin ya yi daidai da cajin har zuwa naira, ka haɗa su, ka kai 180 gidan kashe-kashe. Idan bai yi daidai ba, kada ka kira shi caji don kawai ƙarami ne.

L6, 54,000, ba shi da tagwai a asusu. Amma S6 da S7 sun shigo tsakanin minti tara, suna ɗaya ne a kansu, kuma 30,000 da 24,000 sun ba da 54,000. Mutane kan raba biya idan kuɗin yana asusu biyu, ko sun ci karo da iyakar abin da za su iya turawa a lokaci ɗaya. Akasin wannan ma yana faruwa, mutum ya yi sayayya biyu, safe da yamma, ya biya a dunƙule. Sharaɗina a nan shi ne suna ya zama ɗaya, ko yaron kanti ya tuna abin da ya faru. Idan ka zauna kana haɗa lambobi har sai sun ba da abin da kake nema, a rana mai layi ɗari za ka samu haɗin ƙarya da yawa.

L7 an rubuta 8,350, asusu ya nuna 8,530, lokaci da suna duk ɗaya. Bambancin 180. Akwai dabarar da masu lissafi suka daɗe da sani: idan an juya lambobi biyu wajen rubutu, bambancin kullum yana rabuwa da 9 ba saura. 180 a raba 9 ya ba da 20. Wannan alama ce kawai, ba ta faɗi wanda ya yi kuskuren, ko mai rubutu ko mai turawa. Sai da na ɗauko kwafin rasitin kanti na tara kayan, suka ba da 8,530. Littafi ne ya yi kuskure. Na ja layi ɗaya a kan 8,350 yadda za a iya karanta shi, na rubuta daidai a sama, na sa hannu. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. Da mai sayen ne ya turo fiye da kuɗin kaya, da 180 ɗin ta zama amanarsa a hannunmu.

Ka lura da abin da ya faru a nan: L3 ya gaza da 180, L7 ya yi rara da 180, suka shafe juna. Wanda ya dubi jimilla ba zai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Jerin waɗanda ba su haɗu ba

Abin da ya rage shi ne ainihin amfanin aikin, kuma dole a rubuta shi a wuri nasa. Na ware wa wannan ƙaramin littafi dabam, domin idan aka bar shi a gefen shafin ciniki, shafi na juyawa an manta. Kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, lambarsa, adadi, suna, abin da ake zato, wanda zai bi sawu, da gida ɗaya da aka bari fili don ranar da aka warware. Jerin kashi biyu ne.

Kashi na farko, an rubuta a littafi, ba a gani a asusu ba: L4 7,500, L8 21,000, L10 9,000, L12 26,400. Jimilla 63,900.

Kashi na biyu, ya shigo asusu, ba a gani a littafi ba: S1 16,000, S9 40,000, S11 6,000. Jimilla 62,000.

Kafin ka fara bincike, ka sa jerin ya tabbatar da kansa. Ka ɗauki jimillar littafi, ka debe kashi na farko, ka ƙara kashi na biyu, sannan ka sa ƙananan bambance-bambancen zagaye na biyu. Dole ka sauka a kan jimillar asusu daidai. 220,950 a debe 63,900, saura 157,050. A ƙara 62,000, ya zama 219,050. A debe 180 na caji, a ƙara 180 na kuskuren rubutu, yana nan 219,050. Ya yi daidai da asusu, don haka jerin cikakke ne. Idan ko naira ɗaya ta rage, akwai layin da aka haɗa ba daidai ba ko aka ci sau biyu, sai a koma.

Bin sawun kowane ɗaya

Wuri na farko da za ka duba shi ne jerin jiya. S1, 16,000 da ta shigo 7:20 na safe kafin mu buɗe, tana can a jerin Litinin, cinikin yamma ne da kuɗinsa ya makale ya kwana. Na rufe ta a shafin Litinin, na rubuta ranar da ta iso. Ba a sake rubuta ta a cinikin Talata, in ba haka ba an sayar da kaya ɗaya sau biyu a takarda.

Wuri na biyu, durowar kuɗi. Mun ƙirga tsaba ta haura abin da littafi ya ce da 9,000 cif. L10 ke nan: mai sayen ya ce zai tura, aka rubuta T, sabis ya ƙi, ya ciro tsaba ya biya, ba a gyara harafin ba. Shi ya sa nake ƙirga durowa kafin in zauna wannan aiki.

Wuri na uku, littafin bashi. S9, 40,000, sunan wani mai ɗaukar kaya bashi ne a kanta, ya rage abin da ake binsa bai kira ya faɗa ba. Wannan ba cinikin yau ba ne. Na kai ta shafinsa na bashi, na tura masa saƙo cewa mun gani, ga saura.

Sai tambayar mutane. Game da L4 na kira yaron kantin na ce, “Ƙanena, 7,500 ta ƙarfe sha ɗaya fa?” Ya ce, “Yaya, lokacin kuɗi ba ya shiga asusun kanti, sai na ba ta lambata ta tura. Suna nan, na sha'afa ne.” Ya turo a take, na rubuta a jerin cewa an warware, da lambar taransifarsa. Tunda kuɗin ya shigo bayan ƙarfe 8, zai fito a bayanin Laraba, kuma jerin ne zai gaya mini ko na mene ne. Ban zarge shi ba, domin gaskiya ya faɗa, amma daga ranar muka buɗe asusu na biyu da sunan kanti don irin wannan lokaci, muka hana karɓa a asusun kowa. Idan kana da asusu biyu, kowane da nasa gwajin balas, kuma a gidan hanyar biya a nuna wanne aka tura wa.

Uku suka rage ba amsa. L12, 26,400, an yi shi 7:55, minti biyar kafin yanke rana, mai sayen sananne ne, don haka na rubuta “jiran safe”. L8, 21,000, ya fi damuna. Tun 2:45 ne, baƙo ne, ya nuna hoton rasiti a wayarsa, kanti ya cika, aka sake masa kaya ba a ga kuɗi a manhaja ba. Abin da ya taimaka shi ne yaron ya karɓi lambar wayarsa. A irin wannan, ka nemi mai sayen ya turo cikakkiyar Session ID, ka kai wa kamfaninka su duba ko ta iso gare su. Idan an cire masa kuɗi bai iso ba, shi ne zai kai ƙorafi bankinsa, domin daga can kuɗin ya taso, kuma sau da yawa can yake komawa. Idan ya koma masa, sai ya sake biya. Wanda ya ƙi ba da lambar, ko ya ba da wadda ba ta kai 30 ba alhali ya ce daga wani banki ya turo, ka fara shirin cewa rasitin na bogi ne.

S11, 6,000, babu wanda ya san sunan. Ko ciniki ne da ba a rubuta ba lokacin cunkoson yamma, ko wani ya yi kuskuren lamba. Kuɗin da ba ka san mai shi ba ba naka ba ne tukuna, kada ka zuba shi a ciniki don littafi ya yi kyau. Ka duba kwafin rasitai, ka ƙirga kayan da farashinsu ya yi kusa. Idan wani ya kira ya ce nasa ne, ya kawo rasitin da ya yi daidai da lamba da lokaci, kuma a mayar ta asusun da kuɗin ya fito kaɗai, zai fi kyau da sanin kamfaninka. Akwai masu damfara da ke turo kuɗin sata, su ce a mayar musu ta wani asusu dabam, daga baya a rufe naka.

Idan layukan sun yi yawa: Excel ko Google Sheets

Layi talatin ko arba'in biro ya ishe su. Idan sun doshi ɗari, ka bar kwamfuta ta yi zagayen farko. Ka buɗe shafi biyu, ɗaya Ciniki, ɗaya Asusu, adadin kuɗi ya kasance a gidan D a duka biyun. A gidan G na kowane shafi ka haɗa adadin da karo na nawa ya fito, ka ja fomular har ƙasa:

```
=D2&"#"&COUNTIF(D$2:D2,D2)
```

Wannan zai mai da 7,500 ta farko 7500#1, ta biyu 7500#2, don kada taransifa ɗaya ta rufe ciniki biyu. A gidan H na shafin Ciniki:

```
=IF(ISNUMBER(MATCH(G2,Asusu!G:G,0)),"AKWAI","BABU")
```

A shafin Asusu ka sa irinta, ka sauya Asusu zuwa Ciniki. Sannan a wani fili ka fitar da marasa aboki, ka sauya 13 zuwa lambar layinka na ƙarshe:

```
=FILTER(A2:F13,H2:H13="BABU")
```

FILTER tana aiki a Google Sheets da sababbin Excel. A tsofaffi sai ka tace gidan H da hannu.

Fomular adadi kawai take gani. A lissafinmu za ta ce L4 akwai, L5 babu, alhali akasin haka ne. Za ta kuma jera L3, L6 da L7 cikin marasa aboki. Don haka duk inda adadi ya maimaitu ka duba da ido, kuma zagaye na biyu yana nan a wuyanka.

Abu biyu kan lalata wannan aiki. Na farko, Excel lamba 15 kaɗai yake riƙewa daidai. Idan sitetimen ya zo a fayil ɗin CSV ka buɗe shi kai tsaye, Session ID za ta koma wani abu mai irin E+29 a ƙarshe, sauran lambobin su zama sifili, kuma in ka adana a haka sun tafi. Ka shigo da fayil ɗin ta Data, sannan From Text/CSV, ka sa wannan gida ya zama Text. Na biyu, wani bayanin yakan zo da adadin a matsayin rubutu, da alamar naira a gaba. Za ka gane idan lambobin sun jingina hagu, ko SUM ta ba ka sifili. Sai ka cire alamar da waƙafin, ka mai da su lamba, kafin ka sa fomula.

Washegari

Aikin safe na farko shi ne buɗe ƙaramin littafin, kafin a sayar da komai. Ranar Laraba na tarar 26,400 ta L12 ta sauka da asuba, na rufe ta a shafin Talata, na yi mata alama a bayanin Laraba don kada ta sake fitowa a matsayin baƙuwa da dare. Haka na yi wa 7,500 da yaron ya turo.

Abin da ya kwana uku ba a warware ba, ina kai shi gaban Kawu a rubuce, shi ke yanke hukunci. S11 ta warware ranar Alhamis, da wata mata ta dawo canza katan ɗin taliya, ta nuna rasitinta na 5:25. Ciniki ne da ba a rubuta ba, na shigar da shi da kwanan watan Talata, na rage katan ɗaya a lissafin kaya. L8 kuwa, mai wayar ya ɗauka sau ɗaya ya ce zai turo lambar, daga nan wayar ba ta sake shiga ba. Da wata ya ƙare Kawu ya ce a fitar da 21,000 daga jerin jira a rubuta ta asara, da kwanan wata da lambar ciniki, ya sa hannu a ƙasa. Ya kuma sa aka liƙa takarda a jikin kanta cewa ba a sakin kaya sai kuɗi ya bayyana a manhajar kanti, aka ba yaron da ke rubutu waya ta biyu da yake ganin shigar kuɗi a kai ba tare da ikon fitarwa ba.